Yadda banki mai lafiya kan karye a wuni ɗaya, da abin da inshorar ajiya ke tsarewa

Kowane bankin kasuwanci yana ɗauke da alkawari biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Ya gaya wa mai ajiya ya zo duk ranar da ya ga dama ya karɓi kuɗinsa. Ya kuma gaya wa wanda ya ci bashi ya riƙe kuɗin shekara biyu ko biyar kafin ya biya. Kuɗin da aka yi wa mutum biyun alkawari kuwa ɗaya ne. Babu zamba a cikin wannan, shi ne ainihin sana'ar banki: ya karɓi ajiyar da za a iya cirewa a yau, ya zuba ta cikin kadarar da ba ta nuna sai an daɗe. Amfanin banki ga al'umma daga nan ya fito, rauninsa ma daga nan ya fito, kuma ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya.

Masana tattalin arziki biyu na Amurka, Douglas Diamond da Philip Dybvig, sun zana wannan a wani ɗan ƙaramin tsari na lissafi a 1983, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2022 tare da Ben Bernanke. Tsarin nasu ba ya buƙatar zurfin lissafi. Da alƙaluma kaɗan ana iya bin sa daga farko har ƙarshe.

A ɗauka akwai gari mai mutum 100, kowa yana da rarar naira 100,000, jimla naira miliyan 10. A garin akwai aiki guda mai riba, a ce kafa injin casar shinkafa. Duk naira ɗaya da aka zuba tana komawa naira ɗaya da kwabo 50, amma sai bayan shekara biyu cif. Wanda ya janye a ƙarshen shekarar farko, uwar kuɗinsa kawai zai samu, ko sisi ba ƙari. An kuma sani daga abin da aka saba gani cewa cikin mutum 100, kimanin 20 larura za ta same su a shekarar farko: rashin lafiya, aurar da 'ya, gobara a shago, kuɗin makaranta. Adadin sananne ne. Abin da ba wanda ya sani shi ne su wane ne ashirin ɗin, har su kansu ba su sani ba sai larurar ta zo.

In kowa ya zuba kuɗinsa da kansa, wanda larura ta kama zai fita da 100,000, wanda ya tsira ya jira zai kwashi 150,000. Mutum yana samun mafi ƙarancin kuɗi a daidai ranar da ya fi buƙatarsu.

Sai a kafa banki, kowa ya kai ajiyarsa can. Banki ya yi alkawari: duk wanda ya zo a ƙarshen shekarar farko za a ba shi 120,000, waɗanda suka jira kuma za su raba abin da ya rage. Mutum 20 suka zo, aka biya su miliyan 2.4. Saura miliyan 7.6 suka ci gaba da aiki a injin, a shekara ta biyu suka zama miliyan 11.4, aka raba wa mutum 80, kowa ya samu 142,500. Mai larura ya ƙaru da 20,000, mai jira ya ragu da 7,500. Idan aka haɗa aka raba, abin da mutum yake sa ran samu ya ɗan sauka daga 140,000 zuwa 138,000, amma yawancin mutane za su yarda da wannan cinikin da zuciya ɗaya, domin naira 20,000 a bakin asibiti ta fi naira 7,500 a ranar walwala daraja. Ajiyar banki ke nan a asalinta: taimakekeniya ce tsakanin mutanen da ba su san wanda ƙaddara za ta faɗa wa ba.

Wani abu guda a cikin wannan yarjejeniya shi ne mafarin matsala. Banki ba shi da hanyar gane mai larura ta gaskiya. Ba zai tsayar da mutum a kanta ya ce sai ya kawo takardar likita ba. Duk wanda ya zo ana biyansa, kuma bi da bi ake biya, wanda ya riga isa ya riga karɓa, har kuɗin su ƙare. Banki kuma ya yi alkawarin 120,000 ga mutum 100, wato miliyan 12, alhali in ya tattara duk abin da ya mallaka a shekarar farko miliyan 10 ne.

Yanzu a shiga zuciyar mutum ɗaya daga cikin tamanin ɗin nan da ba su da wata buƙata. In yana ganin ashirin ɗin ne kawai za su cire, zai zauna gida, tunda 142,500 ta fi 120,000. Amma abin da zai samu ya dogara ne da yawan waɗanda suka riga shi, kuma ana iya lissafa shi kai tsaye, inda f ke nufin adadin waɗanda suka cire da wuri:

```
rabon mai jira = (10,000,000 − 120,000 × f) × 1.5 ÷ (100 − f)
```

In mutum 40 suka cire, mai jira zai samu 130,000, har yanzu jira ya fi. In 50 suka cire, saura miliyan 4 za su zama miliyan 6, a raba wa 50, kowa 120,000, jira da cirewa sun zo daidai. In 70 suka cire, mai jira zai tashi da 80,000, bai ma mai da uwar kuɗinsa ba. In kowa ya zo, miliyan 10 za ta biya mutum 83 ne cikakke, na 84 ya samu guntu, sauran su koma hannu rabbana. Don haka duk wanda ya yi zaton fiye da mutum 50 za su je, hankali ne gare shi ya riga su, ko da ya san sarai cewa injin yana aiki lafiya lau, ko da ya san jita-jitar da ta tayar da mutane ƙarya ce. Ba sai ya gaskata jita-jitar ba. Ya isa kawai ya yi tsammanin wasu za su gaskata, ko ma za su yi tsammanin wasu sun gaskata.

Shi ya sa kiran masu rububin cire kuɗi jahilai ko matsorata kuskure ne babba, kuma jami'an da ke fitowa rediyo suna cewa a kwantar da hankali, bankin lafiyarsa ƙalau, sukan yi magana ne kan abin da mutanen layi ba su tambaya ba. Tsohuwar da ta fito tun asuba da katinta a ƙulle a bakin zane ba ta duba littafin bankin ba. Layin ta duba. Banki ɗaya, kadara ɗaya, mutane ɗaya, amma makoma biyu ce ke gabansa, kuma zaton jama'a kaɗai ke zaɓar wadda za a faɗa.

A zahiri lamarin ya fi haka muni, domin kadarar da aka sayar da gaggawa ba ta mai da uwar kuɗinta. Injin da aka kafa rabi, ko bashin da aka ba ɗan kasuwar da manajan reshe kaɗai ya san halinsa, mai saye zai taya su da arha saboda bai san cikinsu ba, kuma ya san mai sayarwa a matse yake. A sake lissafin da cewa banki ya ware miliyan 2.4 tsaba saboda ashirin ɗin da yake sa rai, sauran miliyan 7.6 kuma in an tilasta masa sayarwa kwabo 70 zai samu a kan kowace naira. Duk mutum ɗaya da ya ƙaru a kan ashirin, sai an karya kadarar kusan 171,000 kafin a haɗa masa 120,000 ɗinsa. Iyakar nan da take a kan mutum 50 sai ta sauko zuwa 33: da zarar na 34 ya karɓa, rabon mai jira ya faɗi ƙasa da 120,000. Mutum 14 ne kawai suka ƙaru a kan waɗanda aka saba. In kowa ya zo kuma, abin da za a tattara duka miliyan 7.72 ne, mutum 64 zai biya. Bankin da ya wayi gari da ƙarfinsa, sayarwar gaggawar ce da kanta ta karya shi kafin la'asar. Kuma in bankuna da yawa suna riƙe da kadara iri ɗaya, farashin da wannan ya karyar shi zai shiga littafin maƙwabcinsa, masu ajiyar can kuma sun san karin maganar gemun ɗan'uwa da ya kama wuta.

Magani mafi tsufa shi ne rufe kanta. Banki ya sanar tun farko cewa da zarar an biya mutum 20 a shekarar farko, an rufe sai shekara ta biyu. A kan takarda wannan ya wadatar: mai jira ya san ba za a taɓa miliyan 7.6 ba, 142,500 ɗinsa tana nan ko da gari duka ya fito, don haka ba shi da dalilin shiga layi, layin kuma ba zai taru ba. Inda dabarar ke lalacewa shi ne adadin masu larura ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shekarar da ambaliya ta ci gonaki, masu buƙata ta gaskiya suna iya kai 35, sai a mai da mutum 15 gida da marasa lafiyarsu. Kuma wanda ya hango za a rufe zai yi sammako ya shiga cikin ashirin ɗin farko ko ba ya buƙata. Ajantina ta taƙaita cire kuɗi zuwa feso 250 a mako a Disamba 2001, abin ya ƙare da tarzoma da murabus ɗin shugaban ƙasa. Girka ta taƙaita shi zuwa yuro 60 a rana a 2015. Rufe kanta yana tsayar da zubar jini, amma waɗanda aka kafa bankin dominsu su ne ke shan wuyar.

Inshorar ajiya ta bi ta wata ƙofa. Wani mai ƙarfi daga waje, wanda kowa ya yarda zai iya biya, ya tsaya ya ce duk mai ajiya ba zai samu ƙasa da 120,000 ba, ko na farko ne a layi ko bai zo layin ba sam. A koma wurin mutumin nan mai jira. In ba a yi rububi ba, 142,500 zai samu. In an yi, 120,000 zai samu, daidai da wanda ya kwana a ƙofar banki. Jira ba ya taɓa cutar da shi, saboda haka ba sai ya damu da abin da maƙwabcinsa yake zato ba. Kowa ya yi wannan lissafin, ashirin ɗin da ke da larura kaɗai za su zo, kuma mai lamunin ba zai fitar da ko kwabo ba. Wannan shi ne wurin da ya fi ban sha'awa a tsarin gaba ɗaya: alkawarin da kansa ke hana aukuwar abin da zai sa a cika shi. Ya kuma fi rufe kanta, domin a shekarar ambaliya mutum 35 ɗin duka za su karɓa.

Tarihin Amurka ya gwada wannan a fili. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka rushe. Aka kafa hukumar inshorar ajiya ta FDIC a 1933, ta fara aiki a Janairu 1934 da lamunin dala 2,500 ga kowane mai ajiya, kuma rububin ƙananan masu ajiya ya kusan ɓacewa na tsawon shekaru masu yawa. Dalilin da ya sa gwamnati ce ke tsaya wa irin wannan hukuma shi ne asusunta bai taɓa kai yawan ajiyar da ta lamunta ba, ɗan ƙaramin kaso ne. Abin da mutane suka dogara da shi shi ne ikon gwamnati na karɓar haraji da cin bashi. Kamfanin inshora mai zaman kansa shi ma ana iya shakkar aljihunsa, shakkar kuma ta dawo da layi.

Amma lissafin yana aiki ne idan lamunin ya cika sharuɗɗansa, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. A ce mai lamuni ya yi tsimi, ya ce kashi 90 cikin 100 zai biya domin masu ajiya su ma su riƙa sa ido. Mai jira zai samu 108,000 in banki ya faɗi, mai sammako 120,000. Tazarar 12,000 ta isa ta fitar da mutum daga gida, tunda shiga layi wuni ɗaya ne kawai zai ci masa. Haka ta faru da bankin Northern Rock na Birtaniya a Satumba 2007. Tsarin ƙasar a lokacin yana biyan fam 2,000 na farko cikakke, sannan kashi 90 na fam 33,000 da ke biye. Da aka ji bankin ya nemi agajin babban bankin ƙasar, layuka suka cika tituna, kuma ba su watse ba sai da gwamnati ta lamunci ajiyar bankin gaba ɗaya a ranar 17 ga watan. Jinkirin biya ma irin wannan illar yake yi. Ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa kowane mako, in aka ce kuɗinsa na nan amma sai bayan wata shida, a wurinsa asara ce, kuma zai gudu.

Sharaɗi na biyu ya fi wuyar gani. Inshora tana da iyaka a kan kowane mutum, rububi kuwa da yawan kuɗi ake auna shi, ba da yawan kawuna ba. A canja garin namu kaɗan: kamfanoni 5 suna da miliyan 6 daga cikin miliyan 10, mutum 95 suna da sauran. Hukuma za ta iya cewa ta kare kashi 95 cikin 100 na masu ajiya, kuma gaskiya ta faɗa, amma waya biyar ta isa ta kwashe fiye da rabin bankin. Bankin Silicon Valley na Amurka haka yake. Lamunin FDIC dala 250,000 ne, masu ajiyarsa kuwa kamfanonin fasaha ne masu miliyoyi, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na ajiyarsa ba ta cikin lamuni, kuma masu ita sun san juna, suna magana da juna kullum. A ranar 8 ga Maris 2023 bankin ya sanar da cewa ya sayar da takardun lamuni na dala biliyan 21 da asarar biliyan 1.8. Washegari aka cire dala biliyan 42, akasari ta waya da kwamfuta. Ranar 10 aka rufe shi, ranar 12 hukumomi suka lamunci dukkan ajiyarsa don kada wutar ta tsallaka.

A Najeriya hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ke wannan aikin. A 2024 ta ɗaga lamunin bankunan kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, na ƙananan bankuna kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Lamunin na kowane mai ajiya ne a kowane banki, wato asusu uku na mutum ɗaya a banki ɗaya haɗa su ake yi, kuma ana fara cire bashin da bankin ke binsa. Da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga Yuni 2024, an yi amfani da lambar BVN wajen tura wa mutane kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankuna. Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5, ragowar sai ya jira abin da aka samu daga sayar da kadarorin bankin da karɓo basussukansa, a biya shi kashi-kashi. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa su ma suna cikin lamunin, kuma ya dace, domin raunin da ake magana bai rataya ga ruwa ba: duk inda ake karɓar ajiyar yau a zuba ta a cinikin shekaru, yana nan.

Akwai kuma abin da inshora ba ta warkarwa. A duk lissafin da ya gabata injin yana da lafiya. A ce ba shi da ita, naira ɗaya za ta dawo da naira ɗaya da kwabo 10 ne kawai. Miliyan 7.6 za ta zama miliyan 8.36, mai jira ya samu 104,500 ko da ba wanda ya yi rububi. A nan cirewa da wuri ba tsoro ba ne, gaskiya ce mutane suka gano, kuma mai lamuni zai cika giɓin miliyan 1.24 daga aljihunsa. Yawancin rushewar bankuna gaurayen biyun ne, kamar Silicon Valley, wanda hauhawar kuɗin ruwa ta riga ta cinye darajar takardunsa masu dogon zango kafin kowa ya gudu. Hanyar rarrabewa ita ce a ƙiyasta kadarorin a kan abin da za su biya in an bar su su nuna. In ya haura abin da ake bin bankin, ƙarancin tsaba ne, kuma babban banki zai iya ba shi rance a kan jingina mai kyau da farashi mai ɗan tsada, shawarar da Walter Bagehot ya bayar tun 1873. In bai kai ba, rance jinkirta jana'iza ne kawai, asarar tana ƙaruwa. Wahalar ita ce ana yanke wannan hukuncin cikin dare ɗaya, da littattafan da bankin da kansa ya rubuta.

Mafi haɗari shi ne yadda lamunin ke canja halin mai banki. A ce an tsayar da rabon mai jira a 142,500, rara kuma ta mai banki ce: ana binsa miliyan 11.4 a shekara ta biyu, injin shinkafa kuma miliyan 11.4 zai kawo, ba abin da zai rage masa. Sai ga wani aiki na kasada: ko naira ta koma 2.20, ko ta koma kwabo 40, rabi da rabi. Matsakaicinsa 1.30 ne, ƙasa da 1.50 na injin, wato aikin banza ne ga gari. Amma in ya ci, miliyan 7.6 ta zama miliyan 16.72, ya biya masu ajiya ya soke miliyan 5.32 a aljihu. In ya faɗi, miliyan 3.04 ta rage, mai lamuni ya cika miliyan 6.56 don kowa ya samu 120,000. Da babu inshora, masu ajiya da sun ji ƙishin-ƙishin za su kwashe kuɗinsu, kuma tsoron hakan ne ke riƙe hannunsa. Da inshora ba ruwansu, har ma za su bi duk bankin da ya fi ba da ruwa, wanda sau da yawa shi ne mafi rauni. Amurka ta sha wannan a shekarun 1980 da cibiyoyin ajiya da rancen gidaje, inda waɗanda suka riga suka karye aka bar su suna caca da ajiyar da gwamnati ta lamunta, masu biyan haraji suka ɗauki asarar sama da dala biliyan 100.

Saboda haka hukumar da ta ɗauke wa masu ajiya aikin sa ido dole ta yi shi da kanta. A tilasta wa mai bankin namu ya zuba miliyan 2 na kansa a matsayin jari, wanda shi za a fara cinyewa in an yi asara, sai kasadar ta fara yi masa ɗaci. A sa kuɗin inshorar da banki ke biya ya hau gwargwadon haɗarin da ya ɗauka. A aika masu bincike su buɗe fayil ɗin manyan basussuka ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka ba daraktoci da 'yan'uwansu. Sannan a karɓe bankin tun jarinsa yana raguwa, kafin ya kai sifili, domin daga ranar da mai banki ya san ba shi da sauran abin asara, duk naira da ya zuba a caca ta mai lamuni ce.